Giyar Atomatik Iri Uku da Yadda Direba Ke Jin Kowace a Kan Hanya

 

Shirin faɗakarwa kan mota da tuƙi na yau zai duba giyar atomatik, wato giyar da ke canza kanta ba tare da direba ya taka kuloci ba. A bakin dillalai da masu saye, duk motar da ke da birki da totur kawai, sandar giyarta kuma tana ɗauke da haruffan P da R da N da D, sunanta atomatik, amma a ƙarƙashin wannan suna guda akwai na'urori iri uku da ƙirarsu ta sha bamban. Akwai giyar kwanbata, wadda ita ce tsohuwar atomatik da aka saba da ita, akwai giyar CVT mai aiki da bel, akwai kuma giyar DCT mai kuloci biyu. Abin da shirin zai tsaya a kai shi ne cewa kowace daga cikin ukun tana da halin da aka ƙera ta da shi, kuma halin da yake lafiya lau a wata giyar yakan zama alamar lalacewa a wata, don haka direban da bai san irin giyar da ke motarsa ba yana iya kai lafiyayyar mota gareji, ko ya ci gaba da tuƙa wadda take kukan ciwo.

Kafin a rarrabe su, ya kamata a san aikin da kowace giya take yi. Injin mota ba ya iya tsayawa cak idan mota ta tsaya, domin ko a tsaye take yana juyawa kamar sau 700 a minti, alhali tayoyi ba sa motsi ko kaɗan, saboda haka dole a sami abin da zai haɗa injin da ke juyawa da tayoyin da ke tsaye a hankali, ba tare da injin ya mutu ba. Aiki na biyu shi ne daidaita juyin inji da gudun taya, domin inji yana aiki ne tsakanin juyi 700 da kimanin 6,000 a minti, kamar yadda agogon da aka rubuta wa RPM yake nunawa a gaban direba, ita kuwa mota ana so ta yi rarrafe a cikin kasuwa, ta kuma yi gudun kilomita 120 a babbar hanya. Duk bambancin da direba ke ji a ƙafarsa da kunnensa da bayansa yana fitowa ne daga yadda kowace giya take yin waɗannan ayyuka biyu.

Giyar kwanbata tana haɗa inji da taya ne ta hanyar mai. Kwanbata wani rufaffen tulun ƙarfe ne cike da man giya, wanda ke zaune tsakanin inji da giyabos, a cikinsa kuma akwai fanka biyu masu fuskantar juna: ta farko inji ke juya ta, tana watsa mai da ƙarfi, ta biyu kuma man da aka watso ke tura ta, ita ce kuma ke juya giyabos. A tsakiyarsu akwai ƙaramar fanka ta uku da ke karkato da man da ya dawo domin ya ƙara taimaka wa ta farko, kuma wannan ne ke sa ƙarfin murɗawa, wato ƙarfin da inji ke juya sanda da shi, ya ninka kamar sau biyu a daidai lokacin da mota ke tashi daga tsaye. Asalin dabarar tura ƙarfi ta cikin ruwa ta injiniyan Jamus ce, Hermann Föttinger, wanda ya ƙirƙiro ta domin jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, kamfanin Buick na Amurka kuma ya sa kwanbata a motocinsa a 1948. Bayan kwanbata akwai giyoyi masu haƙora na gaske, huɗu a tsofaffin motoci irin su Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, shida ko takwas ko goma a sababbi.

Tun da mai ne ke tsakanin inji da taya a lokacin tashi, babu ƙarfen da ke gogar ƙarfe, shi ya sa wannan giya take tashi a lallaɓe. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga birki, motar takan fara tafiya da kanta da gudun mai tafiya a ƙasa, kuma tana iya yin awa guda tana wannan rarrafe ba tare da wani abu ya ci ba, sai dai man ya ɗumama, shi kuma akwai bututun da ke kai shi wurin sanyayawa a gefen lagireto. Idan an taka totur, direba yakan ji injin ya ɗaga murya, giya ta shiga ta gaba da ɗan laushi, muryar ta sauka, sannan ta sake hawa. Raunin kwanbata shi ne mai yana zamewa, zamewar kuma asarar fetur ce, don haka masu ƙira suka sa mata wani kuloci a ciki da ke manne fankokin biyu wuri guda idan mota ta miƙe da gudu. Shigar wannan kuloci ita ce ɗan saukar juyin inji da direba mai lura yakan gani a babbar hanya, har ya zaci giya ta biyar ce ta shiga a motar da giya huɗu gare ta.

Giyar CVT kuwa ba ta da giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku ko kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin niƙa ya ga bel da ke zagaye fuli biyu, ƙarami a jikin inji da babba a jikin maniƙa, kuma girman fulin biyu shi ke yanke saurin da maniƙar za ta juya. CVT haka take, sai dai kowane fuli nata faranti biyu ne na ƙarfe masu gangara zuwa tsakiya, waɗanda matsin mai ke matso su kusa ko ya ware su. Idan farantan suka matso juna, bel ɗin yakan hau sama ya zagaya faffaɗan da'ira, idan suka ware yakan faɗa ciki ya zagaya ƙarama, kuma yayin da fuli ɗaya ke girma ɗayan yana ƙanƙancewa. Bel ɗin ba na roba ba ne, ɗaruruwan ƙananan ƙarafa ne da aka jera a kan siraran zobba na ƙarfe, wasu kamfanoni kuma kamar Subaru sarƙa suke sawa. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ne ya fito da ƙaramar mota mai irin wannan giya a 1958, amma yaɗuwarta ta zo ne daga kamfanonin Japan: Nissan Murano ta 2003, Altima daga 2007, Honda Accord mai silinda huɗu daga 2013, da yawancin Corolla ƙirar Amurka daga 2014. Waɗannan su ne motocin da ke shigowa Najeriya da Nijar a matsayin tokumbo, shi ya sa CVT ta yawaita a garejin kanikawa a 'yan shekarun nan.

Abin da direba ke ji a CVT shi ne rashin gaɓa. Motar takan tashi a lallaɓe, domin yawancin CVT na Toyota da Nissan da sababbin Honda suna da ƙaramar kwanbata a gabansu da ke yin aikin tashi, daga nan kuma gudu yakan ƙaru sumul, babu wurin da za a ce ga giya ta shiga. Idan an taka totur kaɗan, juyin inji yakan zauna ƙasa, motar ta yi shiru, shan mai ya ragu, kuma wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suka rungume ta. Amma idan an taka da ƙarfi, injin yakan haura sama nan take ya tsaya a murya guda, gudun motar kuma ya biyo baya a hankali. Ga wanda ya girma da motar manuwal, inji mai ihu da mota mai jinkirin gudu alama ce ta kulocin da ya ƙare, shi ya sa mutane da yawa suke zaton CVT ɗinsu tana zamewa, alhali aikinta take yi, wato riƙe inji a daidai juyin da ya fi ba da ƙarfi yayin da fulin biyu ke canza girma. Saboda ƙorafin masu saye, kamfanoni sun koya wa kwamfutar giyar ta riƙa yin gaɓoɓin kwaikwayo idan an taka da ƙarfi, a 2018 kuma Toyota ta fito da CVT mai giya ta ɗaya ta haƙora, wadda mota ke tashi da ita kafin bel ya karɓa.

Giyar DCT ita ce ta fi kusa da manuwal, domin a cikinta giyabos ne na manuwal da aka raba gida biyu, kowane gida da kulocinsa. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 7, ɗayan yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6, kwamfuta kuma ita ke taka su a madadin ƙafar direba. Yayin da mota ke tafiya a giya ta uku, kwamfutar ta riga ta saka ta huɗu a ɗaya gidan tana jira, lokacin canji kuma sai kuloci ɗaya ya saki ɗayan ya kama kusan a tare, abin da ke ɗaukar ɗan ɓangare na daƙiƙa kawai. Kamfanin Porsche ya gwada wannan ƙira a motocin tsere a shekarun 1980, Volkswagen kuma ta kawo ta kasuwa a 2003 cikin Golf R32 da sunan DSG. Kulocin iri biyu ne: akwai jiƙaƙƙe, wanda farantansa ke cikin mai, man kuma yana kwashe zafi, akwai busasshe, wanda iska kaɗai ke sanyaya shi. DSG mai giya shida ta farko jiƙaƙƙiya ce, amma mai giya bakwai da Volkswagen ta fito da ita a 2008 domin ƙananan injuna busasshiya ce, haka ma PowerShift ta Ford Focus ƙirar Amurka daga 2012, da DCT mai giya bakwai ta Hyundai Tucson ta 2016 mai injin 1.6 da tobo.

Idan mota ta miƙe, DCT tana ba da jin ƙarfe ya kama ƙarfe: an taka totur mota ta amsa nan take, an saki kuma inji ya riƙe ta kamar manuwal, giyoyi suna shiga da sauri ba tare da ƙarfin da ke tura direba cikin kujera ya yanke ba. Wurin da take shan wahala shi ne tafiyar rarrafe, domin babu mai a tsakani da zai shanye bambancin gudu, dole kwamfuta ta riƙe kuloci rabi a kame, kamar yadda direban manuwal yake yi. Daga nan ne ake samun ɗan jinkiri kafin motar ta tashi, da ɗan fizga lokacin fakin, da komawa baya kaɗan a kan gangara kafin kulocin ya kama, da ƙarar ƙas-ƙas daga ƙarƙashi yayin da ake shirya giya ta gaba. Duk waɗannan, idan ba su yi yawa ba, halin giyar ne.

Domin bambancin ya fito sarai, shirin zai bi hanya guda da motoci uku: daga Abuja zuwa Jos ta Keffi da Akwanga, da Corolla ta 2008 mai kwanbata da giya huɗu, da Corolla ta 2015 mai CVT, da mota mai DCT busasshiya.

Zango na farko shi ne cunkoson Nyanya da Mararraba, inda mota kan matsa taku biyar ta tsaya, ta sake matsawa. Direban tsohuwar Corolla ƙafa ɗaya kawai yake wasa da ita a kan birki, yana saki yana takawa, motar tana bin sa yadda yake so, haka ma direban mai CVT, tun da kwanbatar da ke gaban bel ce ke aiki a wannan gudu. Direban DCT kuwa, idan ya yi irin wannan wasa da birki, yana barin mota tana jan ciki ƙasa da gudun da giya ta ɗaya ke kamawa sosai, to farantin kuloci yana goguwa ne ba hutawa, kuma a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin rana ke kai maki 40 a yankin, busasshen kuloci yakan ɗauki zafi har motar ta fara karkarwa, a wasu motocin ma gargaɗin zafin giya ya bayyana a gaban direba. Dabarar tuƙinta ita ce a taka birki sosai idan an tsaya, domin kwamfuta ta saki kuloci gaba ɗaya, a bar motar gaba ta ba da tazara, sannan a taka totur a matsa a tashi ɗaya.

Zango na biyu shi ne wuce tirela a hanyar da ta wuce Akwanga, ana tafiyar kilomita 80. A tsohuwar Corolla, giya ta huɗu tana da ma'aunin 0.70, ta uku 1.00, ta biyu kuma 1.55, ma'aunin kuwa yana nufin yawan juyin da inji ke yi kafin sandar da ke fita daga giya ta juya sau ɗaya. A wannan gudu injin yana kusan juyi 2,000 a giya ta huɗu. Idan direba ya ƙara totur matsakaici, giyar takan sauka zuwa ta uku, juyi ya hau kusan 2,900, idan kuma ya danna har ƙasa takan sauka zuwa ta biyu, juyi ya yi tsalle zuwa kusan 4,400. Direba yakan ji ɗan shiru, sannan fizga, sannan ƙara, kuma girman fizgar ya fito ne daga faɗin tazarar da ke tsakanin giyoyi huɗu kacal, shi ya sa sababbin giyoyin kwanbata masu takwas, irin wadda kamfanin ZF na Jamus ke yi wa BMW, ba sa fizga haka. A mai CVT babu wannan tsalle, juyin yakan zarce daga ƙasa da 2,000 zuwa 5,000 ko fiye ya zauna, motar tana ƙara gudu ƙarƙashin murya guda, kuma tun da ƙarar tana riga gudun zuwa, direban da ya saba da ita yakan fara taka totur tun kafin ya fito daga bayan tirelar.

A DCT sakamakon ya danganta da abin da kwamfuta ta hango. Idan motar tana giya ta shida, an kuma nemi ta biyar, wadda take ɗaya gidan, canjin yakan zo cikin ƙiftawar ido muddin an riga an shirya ta. Amma idan ana tafiya a natse, kwamfutar ta shirya ta bakwai, sai direba ya danna totur ba zato yana neman ta huɗu, to akwai aiki biyu a gabanta: ta huɗu da ta shida kulocinsu ɗaya ne, saboda haka dole ta bi ta ɗaya gidan na ɗan lokaci kafin ta isa. Wannan ne ke sa giyar da aka sani da sauri ta yi ɗan tunani a daidai lokacin da ake gaggawa. Maganinsa shi ne direba ya sauke giya da hannu, ko ya mayar da sanda kan S, tun yana bayan tirelar.

Zango na uku shi ne Hawan Kibo, doguwar gangarar da ake haurawa zuwa tsaunin Jos, garin da ke sama da teku da kimanin mita 1,200. Tsohuwar Corolla, musamman idan ta ɗauki mutane da kaya, takan yi ta kai-komo tsakanin giya ta uku da ta huɗu, kowane canji kuma yana ƙara wa mai zafi, don haka ya fi kyau a hana ta shiga ta huɗu ta hanyar mayar da sanda kan 3, ko danna maɓallin O/D a motocin da ke da shi. CVT ba ta kai-komo, takan sami juyin da ya dace ta zauna a kai, kuma a nan ta fi kowace daɗin hawa, amma a nan ne kuma iyakarta take, domin bel yana riƙe ne da matsi da gogayya kawai, nauyi mai yawa da doguwar gangara suna dafa man, idan zafi ya wuce ƙima kwamfuta takan rage ƙarfin inji da kanta domin ta tsare giyar, motar ta ƙi wuce wani gudu har sai an tsaya ta huce. DCT tana hawa lafiya muddin ana tafiya, tun da kulocinta a kame yake sosai, babu gogayya. Hatsarinta yana zuwa ne idan aka maƙale a bayan babbar mota mai jan ciki, ko aka tsaya a tsakiyar hawa direba ya riƙe motar da totur maimakon birki, wanda shi ne abin da ya fi saurin ƙona kuloci. A wurin saukowa kuwa, kwanbata da CVT sukan saki mota idan an bar su a D, don haka ana mayar da sanda kan 2 ko L a ta farko, S ko B a ta biyu, domin inji ya taimaka wa birki kada ya yi zafi ya daina kamawa.

Saura kuma alamomin lalacewa na gaske, waɗanda suka bambanta da halin ƙira. A giyar kwanbata, idan an saka D aka daɗe ana jira kafin ta kama sannan ta kama da duka, ko juyin inji ya yi sama tsakanin giya da giya kafin ta gaba ta shiga, ko motar ta riƙa rawar jiki a matsakaicin gudu da totur kaɗan kamar ana bin hanya mai gargada, to matsin mai ya ragu, ko farantan ciki sun ci, ko kulocin kwanbata yana kamawa yana saki. Man da ya tashi daga ja ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna yana tabbatar da zargin. A CVT, inji ya tsaya a murya guda yayin da gudu ke ƙaruwa lafiya ne, amma allurar RPM ta riƙa hawa da sauka alhali ƙafa ba ta motsa ba kuma hanya a miƙe take, ko a ji kuka siriri da ke ƙaruwa da gudu, ko fizge-fizge wurin tashi, alama ce ta bel da ke zamewa yana kartar fuli. A DCT, karkarwa mai ƙarfi a kowane tashi ko da giyar a sanyaye take, ko motar ta rasa giyoyin gida ɗaya gaba ɗaya, misali ta ƙi shiga ta 2 da ta 4 da ta 6, ko haruffan giya su riƙa ƙyaftawa a gaban direba, suna nuna matsalar kuloci ko ta akwatin da ke sarrafa shi. Wasu ƙirar an san su da rauni tun daga kamfani: Nissan ta tsawaita garantin CVT na motocinta na 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000, Ford kuma ta fuskanci ƙararraki a Amurka da Ostareliya a kan PowerShift.

Kuskuren da ya fi kashe giya a gareji shi ne zuba mata man da ba nata ba. Jan man atomatik da aka saba da shi, wanda ake rubuta wa ATF, an yi shi ne domin giyar kwanbata, shi kuwa man CVT an haɗa shi ne ta yadda bel na ƙarfe zai kama fuli na ƙarfe ba tare da zamewa ba, kuma kowane kamfani da nasa: NS-2 ko NS-3 a Nissan, HCF-2 a sababbin Honda, TC ko FE a Toyota. Jiƙaƙƙiyar DSG mai giya shida ita ma nata man daban ne, Volkswagen kuma ta ce a canza shi da matacinsa duk kilomita 60,000. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai mota ya yi, kafin bakanike ya buɗe galan, ita ce wace irin giya ce a motar, amsar kuma tana cikin littafin motar, ko a jikin sandar gwajin mai, ko a lambar da ke jikin giyabos. Ya kamata kuma a lura cewa abin da Toyota ke kira eCVT a motocinta masu haɗa fetur da lantarki, kamar Prius, ba shi da bel ko fuli, giyar haƙora ce da injunan lantarki biyu, ko da yake muryarta a kunne ta yi kama da ta CVT.

Mai neman saye zai iya gane irin giyar cikin gajeren gwaji. Ya tsaya a ɗan gangara ya saki birki ya ga ko motar ta riƙe kanta ko ta ɗan ja baya kafin ta kama, ya yi rarrafe na mintoci yana sauraron karkarwa, sannan a hanya mai sarari ya taka totur matsakaici yana lura da allurar RPM: idan tana hawa tana sauka a lallaɓe kwanbata ce, idan ta tsaya wuri guda gudu yana ƙaruwa CVT ce, idan kuma tana faɗowa kwatsam a kowane canji to DCT ce, sai dai sababbin giyoyin kwanbata ma suna saurin canji, don haka gwajin gangara da rarrafe shi ke raba gardama. Gwajin ya kai aƙalla rabin awa, domin yawancin cututtukan giya ba sa bayyana sai mai ya yi zafi.

A taƙaice, wanda yawancin tuƙinsa cunkoso ne, ko ɗaukar kaya, ko hanyar ƙauye mai yashi da ramuka inda ake yawan gaba da baya, giyar kwanbata ce ta fi jure masa, ita ce kuma kanikawa suka fi sani. Wanda ke tuƙi a natse da ƙaramar mota, yana neman sauƙin shan mai, CVT za ta yi masa, da sharaɗin ba zai ɗora mata nauyin da ya fi ƙarfinta ba kuma zai nemi ainihin manta. Wanda ke yawan doguwar tafiya a kan kwalta, yana son mota mai amsa ƙafa nan take, zai ji daɗin DCT, jiƙaƙƙiyar kuma ta fi busasshiyar dacewa da ƙasa mai zafi da cunkoso.

A nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Allah ya tsare masu tafiya a kan hanya, ya sauke kowa gida lafiya.